Kafintan Maradi ya turo mini hotuna huɗu, ɗaya da tauraro a kusurwa: in tura abans?

Uwar Amarya (Zango): Assalamu alaikum ƴan'uwa. Bikin ɗiyata ya matso, kuma wata ƙawata ta haɗa ni da wani kafinta a Maradi. Ya turo hotuna huɗu ta WhatsApp na saitin gado da almuwar da madubi, ya ce jikka 450, in tura jikka 150 abans ya soma aiki. Ɗana ya lura hoto ɗaya yana da ɗan farin tauraro mai tsini huɗu a ƙasa ta hannun dama, ya ce alamar hoton AI ce. Sauran ukun ba komai a jikinsu. Shin ukun nan na gaske ne ke nan? Kuma yaya zan tabbatar kafin kuɗi su bar hannuna? Ban da halin zuwa Maradi cikin satin nan.

Ɗan Kabu-kabu: Hajiya, jikka 450 ya yi tsada. Nan Sabon Gari an yi wa ƙanwata saiti a 300, har da katifa.

Mai Butik a Dole: 300 da katifa? Wace shekara? In katako mai kyau ake magana, ko 500 ba ka ɗauka yau. Hajiya, ni arhar ce ma ta ba ni tsoro. Amma batun hoto mai sauƙi ne: duk hoton AI doka ce a sa masa tambari. Wanda ba tauraro na gaske ne. Ki jefar da ɗayan ki riƙe ukun.

Mai Hoto na Birni: Alhaji, da girmamawa, rabin maganarka daidai ne, ɗaya rabin kuma shi ke sa mutane asara. Tauraron da Hajiya ta kwatanta irin wanda Gemini na Google ke sa wa hotunan da ya yi ko ya gyara ne, to ganinsa shaida ce cewa hoton ya bi ta na'ura. Amma rashinsa ba shaida ba ne ko kaɗan. A kusurwa yake, yaro ma zai yanke gefen hoton ya fita. Kuma akwai manhajoji irin Stable Diffusion da mutum ke saukewa a ordinatarsa ya yi hoto ba tare da wani tambari ba.

Hajiya, ga abin da za ki yi yanzu. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta zubar da bayanan da ke ɓoye a cikin fayil ɗin. Ki ce masa ya sake turo su huɗun, amma ya danna alamar maƙala fayil ya zaɓi Document. Ta nan fayil ɗin ke zuwa yadda yake a wayarsa. Sannan ɗanki ya buɗe contentcredentials.org/verify ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya.

Inna Mai Turare: Ni ma ina sa tambari a hotunan turarena, sunan shagona da lambata a tsakiya, don kar a sace. Ke nan za a ce nawa ma na ƙarya ne? Wannan ba adalci ba ne wallahi.

Mai Hoto na Birni: A'a Inna, naki daban ne. Naki yana cewa wane ne mai kaya. Wanda muke magana kamfanin da ya yi manhajar ne ke sa shi, don a san na'ura ta taɓa hoton.

Baban Yara (Mirya): Ku bar ni in faɗi tawa, don har yau zuciyata ba ta huce ba. Sallar layya da ta wuce wani ya turo mini hoton rago, fari tas, ƙaho ya nannaɗe, yana tsaye a garka mai shara. Na duba kusurwa huɗu ba tauraro ba rubutu. Ɗan ƙanena mai ilimin waya ma ya duba ya ce lafiya lau. Na tura jikka 80, kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa daga kayan lambu. Ranar da za a ɗoro ragon a mota, lambar ta daina shiga. Na kira da ta maƙwabci, a kashe. Matata ba ta ce mini komai ba, wannan shirun ya fi zagi ciwo. Muka yi sallah yarana suna leƙen gidan maƙwabta. Bayan sati sai ga hoton ragon nan dai a wayar wani mutumin Magariya, shi ma an karɓe masa. Saboda haka Hajiya, kar ki bari masu turanci su ruɗe ki da tambari da shafi. Abin da hannunki bai taɓa ba, kuɗinki kar su je.

Ɗan Kabu-kabu: Baba, ragon nan ya yi layya a gari biyu bai mutu ba, ai ya fi mu ƙoƙari.

Inna Mai Turare: Kai yaro, ba abin dariya ba ne. Allah ya mayar maka da alheri, Baban Yara. Jikka 80 ma ai rago ƙarami ne a lokacin, mu 120 muka saya.

Mai Butik a Dole: 120? An cuce ku Inna, a Matamai 90 na ɗauko wanda ya fi ƙarfin mutum biyu.

Mushe (lakwal, Garin Malam): Baba, Allah ya musanya. Amma labarinka wani ciwo ne daban. Mai yiwuwa ragon na gaske ne, an ɗauko hotonsa a shafin wani makiyayi. Hoton gaske da aka sata babu tambarin AI da zai kama shi. Maganinsa Google Lens: ka sa hoton ka ga ko ya taɓa fitowa wani wuri da sunan wani. Hajiya ita ma ta yi wa ukun nata haka.

Baban Yara (Mirya): Mushe, kai ka taɓa rasa sisi? Wanda wuta ta ƙona shi ya san zafinta. Ku masu karatu bayan an gama cutar mutum kuke zuwa da bayani.

Uwar Amarya (Zango): Don Allah a yi haƙuri. Na yi yadda Mai Hoto ya ce. Ya turo uku ta Document, ya ce na huɗun, mai tauraron, ya goge a wayarsa. Ɗana ya ɗora su. Biyu shafin ya ce bai sami komai ba. Na ukun, wanda gadon ke cikin ɗaki mai labule da fitila, ya fito da bayani cewa OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ne ya ba da shaidar kuma an yi shi da AI. Shi kuwa ba tauraro a jikinsa. Na kira shi, bai yi musu ba. Ya ce gadon nasa ne, a bakin shago ya ɗauka cikin ƙura da guntayen katako, sai ƙaninsa ya sa a ChatGPT ya canza wurin don ya yi kyau. To in yarda?

Mai Hoto na Birni: Alhaji Mai Butik, ka ga hoton da ba tauraro ke nan. Hajiya, abin da shafin ya karanta shi ake kira Content Credentials. Wata takarda ce mai sa hannun kamfani da ake liƙa wa fayil ɗin, a ƙarƙashin tsarin C2PA da su Adobe da Microsoft da BBC suka kafa a 2021. OpenAI ya soma sa ta a hotunansa a Fabrairun 2024. In an taɓa hoton bayan sa hannun, shafin yana iya nuna ba su dace ba, shi ya sa in ta fito ana yarda da ita. Rauninta shi ne cire ta ba wuya: sikirinshot ɗaya ya raba ta da hoton. Da mutumin nan ƙwararren macuci ne, da sikirinshot zai turo miki ta Document ɗin, shafin ya ce ba komai. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali a kansa, amma kaɗan.

Maganarsa tana iya zama gaskiya, ni kaina masu kaya na kawo mini irin wannan aikin. Sai dai in an ba irin wannan manhaja hoto a ce ta canza bango, sau da yawa takan sake zana gadon ma. Sassaƙar kan gado ta ƙara kyau, fenti ya ƙara sheƙi, wurin da katako bai haɗu ba ya shafe. Kina iya biyan kuɗin gadon da ke hoto, a kawo miki ƙaninsa. Su biyun da ba a sami komai ba kuma, ba a wanke su ba, ba a kama su ba. Yawancin wayoyinmu ba sa sa wannan takarda a hoton gaske ma.

Mushe (lakwal, Garin Malam): Shi ya sa Facebook ya sha suka. A 2024 Meta, kamfanin da ke da Facebook, ta riƙa rubuta Made with AI a kan hotuna, har na masu ɗaukar hoto da suka goge ɗan tabo kawai. Suka yi ƙorafi, a watan Yuli aka mayar da shi AI info. Alamar ba ta auna miki yawan abin da aka canza. Shi kuma mai tauraron da ya ce ya goge, Google na da wani tambari da ido ba ya gani, SynthID, tun 2023. Shi a cikin ƙwayoyin hoton kansa yake, don haka matsewar WhatsApp ko ɗan yanke gefe ba lallai su kashe shi ba. A manhajar Gemini ake duba shi, amma hotunan da aka sa wa wannan tambari kaɗai yake ganewa.

Mai Hoto na Birni: Daidai Mushe, sai dai wannan ba ya buƙatar dubawa, tauraron ya riga ya faɗa. Abin da ya dame ni hoto ɗaya ya bi ta Gemini, ɗaya ta ChatGPT. Ƙanin nasa ya yi aiki da yawa. Hajiya, ki kira shi ta bidiyo yanzu, ba da alƙawarin lokaci ba. Ya zagaya da ke shagon, ya buɗe ƙofar almuwar, ya juya miki bayan gadon ki ga katakon da ba fenti. Ki kwatanta sassaƙar kan gadon da ta hoton mai labule. Ki kuma nemi asalin hoton bakin shagon mai ƙura, tunda ya ce akwai shi.

Uwar Amarya (Zango): Na kira sau biyu, bidiyon na yankewa. Ya ce rezo ne, gobe da safe zai hau wuri mai kyau. Ya kuma ce in wuce jibi ban tura ba, ba zai gama kafin biki ba.

Baban Yara (Mirya): Rezo da gaggawa. Haka nawa ya ce, kalma da kalma.

Mai Butik a Dole: A'a Baba, wannan kam ba ƙarya ya yi ba. Sati guda ke nan ina sayen kiredi in sa forfe, kafin hoto uku su buɗe an ce ya ƙare. Jiya jikka ɗaya ta tafi ban aika ko saƙon murya ba. Hajiya, Document ɗin nan mega nawa ya ci miki?

Inna Mai Turare: Kar ka tuna mini. In wuta ta ɗauke, rezon ma binta yake yi. Masu oda daga Tanut suna ta jirana tun shekaranjiya, sun ɗauka wulaƙanci ne.

Ɗan Kabu-kabu: Wane layi kuke amfani da shi? Ni dare kawai nake samu, wajen ƙarfe ɗaya. Hajiya, in kin fasa na Maradi ki yi mini magana, gobe in kai ki Sabon Gari ki ga na 300 ɗin da idonki.