Sho ko siminti a ƙasar karal?

Mai Tifa: Jama'a ni dai maganata ɗaya, siminti ya fi sho, farin garin nan da ake samu in an ƙona dutse, ƙarfi ko yaro ya sani, duk wanda ya zuba sho a ƙasar hanya kuɗin siminti ya cinye kawai.

Direban Gireda: Alhaji a jar ƙasa ko mai yashi maganarka ce. Amma baƙar lakar nan da Fulani ke ce wa karal, wadda ake dasa muskuwari, na taɓa aiki a wani shantiye wajen Mora aka ce mu haɗa ta da siminti kai tsaye, wallahi kamar kana cuɗa gari da danƙo, laka ta dunƙule kamar ƙwallo siminti ya shafe bayanta kawai cikinta ɗanye, damina ɗaya ta kumbura ta tsattsage. Ni a ganina da sun ƙara buhu da ta riƙe.

Malam na Labo: Direba ka ga ciwon amma ba maganin kenan ba, ko an ninka buhun dunƙulen nan suna nan. Shi siminti sai ya samu ƙasa warwas yake kama ta, ita kuma karal ba ta warwarewa sai an kashe mata danƙo, wannan ne aikin sho. In ka zuba ɗanyen sho mai zafin nan, kashi 1 cikin 100 yakan rage ruwan ƙasar da wajen maki ɗaya, sannan lakar ta daina maƙewa a hannu ta koma tana marmashewa. Shi ya sa ake cakuɗawa a yayyafa ruwa a bi da rola sama-sama a bar ta ta kwana ɗaya zuwa uku, a dawo a sake cakuɗawa sannan a danne sosai. Siminti ba ya da wannan haƙurin, ruwa na taɓa shi kana da wajen awa 2 ka gama dannewa, in ka wuce rola za ta karya abin da ya fara kamawa ne.

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum, sho ɗin da muke shafa wa bango kafin sallah? Akwai ragowar bokiti biyu a gida, ƙofar gidanmu taɓo ne duk Agusta, in watsa?

Direban Gireda: Hhh bokiti biyu ko tabarmar sallah ba zai rufe ba.

Malam na Labo: Dangi ɗaya ne, amma wanda ya daɗe a buɗe ya sha iska ya mutu, ya koma dutsen da aka ƙona shi daga gare shi. Ga lissafi ka gani. Kaurin santimita 20, mita ɗaya tsawo ɗaya faɗi, busasshiyar ƙasar da aka danne a ce kilo 340 ce. Kashi 4 cikin 100 ya zama kilo 13 da rabi da ɗan ɗoriya. Hanya mai faɗin mita 7, tsawon mita 100 kacal ta ci ton 9 da rabi.

Mai Tifa: To kun gani, ton 9! Kuma ni da idona na ga an gwada bayan kwana 7, na siminti kamar dutse, na sho ka sa farce ya shiga.

Malam na Labo: Ban musa ba Alhaji, a kwana 7 siminti ya kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin da zai yi a kwana 28. Sho a hankali yake narkar da lakar kanta ya mai da ita abin ɗaurewa, wata uku wata shida yana ƙara ƙarfi, zafin nan namu ma taimakonsa yake. Sharaɗin a sa isasshe, a labo muna ƙara sho har pH, ma'aunin tsami da kaifin kanwa na ƙasar, ya kai 12.4, in an yi rowa ƙasa da haka ƙasar za ta bushe ta yi kyan gani amma ƙarfin ba zai zo ba. Inda ake son ƙarfi da wuri ana haɗa biyun, sho tukuna siminti daga baya.

Direban Gireda: Duk wannan banza ne in tankar ruwa ba ta zo ba. A hunturu ko watan Afrilu a Marwa kafin azahar saman ya bushe ƙayau, sai ka ga yana gari in ka goga takalmi. Kwana 7 ake so yana da laima ko a fesa masa kwalta mai ruwa a rufe, amma ɗan kwangila na sauri sai a buɗe wa motoci rana ta uku.

Mai Tifa: Motocinmu za ka ce. To ni har yanzu ban gamsu ba, a kwashe karal ɗin mana a zuba jar ƙasa da siminti tunda ga masana'anta nan a Figil.

Ɗan Kusiri: Alhaji jar ƙasa a ina? Daga Waza zuwa nan laka ce shimfiɗe, ko dutsen jifan akuya sai an kawo mana daga nesa.

Malam na Labo: Nan kam lissafin gazuwal ne da nisan ramin ƙasa, kowace hanya da nata. Kuma ko sho ɗin sai an duba ƙasar ba ta da jifsum, in tana da shi kumburi za ta yi daga baya.

Mai Tifa: Ku ba ni kilomita nawa ne zuwa ramin, zan faɗa muku kuɗin tifa ɗaya sai mu gani.