A karanta tambaya yadda take a rubuce, ko a bar mai tambaya ya faɗa da bakinsa?

Ɗan Bichi: Kwana shida muna horon aikin bi gida-gida muna yi wa mutane tambayoyin bincike, kullum magana ɗaya: karanta yadda aka rubuta, kada ka ƙara, kada ka rage. Ni dai na ce wannan doka ta ofis ce. A ƙauye, in ba ka sassauta tambaya ka nuna wa mutum hanya ba, ba za ka samo amsa ba.

Hajiya mai horarwa: Ƙanena, ɗauki tambaya guda, wadda ke cikin binciken lafiya na NDHS da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa: ko yaro ya yi gudawa a makonni biyu da suka wuce. Na taɓa zama a zaure ina sauraron wani ɗalibina. Ya dubi yaron yana wasa da murfin kwano, sai ya ce wa uwar, "Wannan ai lafiyarsa ƙalau, bai yi gudawa kwanan nan ba ko?" Ta ce a'a. Abu biyu ya ɓata. Ya jefar da "makonni biyu" ya sa "kwanan nan", wanda a wurin wata jiya ne, a wurin wata tun Sallah. Sannan ya sa mata amsa a baki, kuma ka san matanmu, ba za ta ƙaryata baƙo mai riƙe da na'ura a gidan mijinta ba. Wannan a'a ɗin kuma ta sa aka tsallake duk tambayoyin da ke biye: me aka ba shi ya sha, an kai shi asibiti ko kemis, an ba shi ruwan gishiri da sukari. Da na sa ya maimaita yadda take a rubuce, ya yi shiru yana jira, sai ta ce, "Ya yi dai, amma na haƙori ne."

Malamin asibiti: To ai Hajiya kin kawo hujjar Ɗan Bichi da kanki. Uwa ba ta lissafa gudawar haƙori a ciwo. Dole ka ce mata, "Har da na haƙori fa."

Hajiya mai horarwa: Malam, ka yi gaskiya rabi. Matsalar tana nan, amma maganinta ba a bakin mutum ɗaya yake ba. In kai ka ƙara wannan, abokin aikinka bai ƙara ba, ƙauyukanka za su fito da gudawa fiye da nasa, a ɗauka ruwan shansu ne ya fi muni, alhali bakinku ne ya bambanta. Littafin jagoran aikin ya ba da bayani ɗaya ga wadda ba ta gane ba: bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a rana. Shi kowa zai faɗa. Zancen haƙori kuwa, a kawo shi lokacin gwajin tambayoyi, a yanke hukunci, kowa ya bi.

Baƙo daga Maraɗi: Mu nan zawo muke cewa. In na karanta "gudawa" ga tsohuwa ta yi mini kallon ban gane ba, in tsaya ina maimaitawa kamar rediyo?

Hajiya mai horarwa: Wannan kam laifin fassara ne, ɗan'uwa, ba naka ba. Tun a aji ake tara irin waɗannan kalmomi, a amince da su, a rubuta.

Ƙanwarku sabuwar shiga: Yaya, ni an ce in riƙa bin diddigi. Na ɗauka shi ne in karanto mata jerin amsoshin ta zaɓa.

Hajiya mai horarwa: Sai inda takarda ta ce a karanta. A tambayar abin da aka ba yaro, uwa ta ce "magani", ki ce "Wane iri?" Ta faɗa, ki ce "Sai me kuma?" har ta ce shi ke nan. Kika ce "An ba shi maganin zinc ko?", ta ji abin da ya kamata a ce ta yi, za ta ce e. Kada ki gyaɗa kai, kada ki ce madalla. Kuma muna ganewa: wadda hirarta kullum ta fi ta kowa gajarta a na'ura, a'a ta yi mata yawa a tambayoyin da ke buɗe wasu, ita muke bi mu koma gida biyu ko uku mu sake tambaya.

Ɗan Bichi: Na yarda da batun gudawa. Amma shekaru fa? Dattijuwa ta ce ba ta san shekarunta ba, ki maimaita sau goma, amsar ɗaya ce.

Hajiya mai horarwa: Nan akwai sassauci, ba na musu. Ka tambaye ta shekarunta nawa da aure, tana da nawa aka kai ta ɗaki, ku lissafa tare. Abin da aka hana shi ne ka dubi fuskarta ka ce "Za ki kai 40 ko?"

Ɗan Bichi: In ta ce shekarun auren ma ba ta sani ba?

Malamin asibiti: Sai a kira ɗanta na fari, a fara lissafi daga kansa.

Ɗan Bichi: In yana Legas fa?