Hoton tambayar lissafi ya ɓace: yaya kuke sake rubuta ta?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ɗana ya ɗauki hoton wata tambaya daga littafin abokinsa, wayar ta lalace, hoton ya tafi, littafin kuma ba ya hannunmu. Abokin ne ya rubuto masa tambayar ta saƙo haka:

```
x+3/x-1=2
```

Littafin ya ce amsa 5 ce, amma yayarsa ta buga ta buga, ta ce wannan ba ta da amsa. Akwai kuma ta biyu mai zanen alwatika, abin da aka rubuto kawai shi ne gefe ɗaya 5, ɗaya 12, a nemo na uku. Wanda irin haka ta taɓa samunsa ya gaya mana yadda ya yi.

Ɗan Gyara: Hajiya, a duba wurin hotunan da aka goge tukuna. A iPhone suna zama kwana 30 a Recently Deleted, ni can na tsinci nawa.

Maman Biyu: Na gode ɗan'uwa, ai ba gogewa aka yi ba, wayar ce ta mutu gaba ɗaya.

Tsohon Malami: Hajiya, 'yarki ta yi daidai, littafin ma ya yi daidai. Tambayar ce ta sauya a hanya. A littafi akwai dogon layin rabawa, duk abin da ke samansa dunƙule yake, haka na ƙasa. Da aka kwantar da ita a layi ɗaya sai wannan layin ya ɓace, ya zama 3 kaɗai ake rabawa da x. In aka bi ta a haka za a iso ga x^2-3x+3=0, wadda babu wata lamba ta gaske da za ta cika ta, domin 9-12 ya faɗa ƙasa da sifili. Baka ce ke maye gurbin layin:

```
(x+3)/(x-1)=2
```

Yanzu x+3=2x-2, wato x=5. A mayar a gwada: 8 raba 4, an samu 2. Ina yawan ganin wannan wajen ɗalibaina, kuma yana damuna, domin yaro kan ɗauka shi ne bai iya ba alhali rubutun ne ya yaudare shi. In amsa ta fito a murɗe a darasin da aka saba samun lambobi masu sauƙi, a fara zargin rubutun.

Ɗalibar Kimiyya: Malam, mu dai tazara muke bari, kamar x+3 / x-1, kuma muna gane juna. Na taɓa rubuta wa ƙawata shafi guda a haka.

Tsohon Malami: 'Yata, kuna ganewa ne saboda ku biyun kun taɓa ganin littafin. Ki buga shi a kalkuleta ki gani, ba ruwanta da tazara. Haka lamba ta sama: in x=3, 2^x+1 tara ce, 2^(x+1) kuwa 16.

Abban Yara: Ni a zane na sha wahala. Ƙanina ya kira ni yana kwatanta alwatika, mun daɗe muna musu kafin na gane bai ambaci ɗan akwatin da ke kusurwa ba, a ganinsa ado ne. Shi ne kuwa alamar digiri 90. A tambayar ɗanki ma Hajiya, komai ya rataya a kan inda akwatin yake. In yana tsakanin 5 da 12, amsa 13 ce. In kuwa 12 ne gefen da ke fuskantar akwatin, 144-25 ya ba da 119, amsa ta kusa 10.9. In babu akwatin sam, lambobi biyun nan ba su isa a samu amsa ba. Tun daga lokacin ba na karɓar "gefen hagu" ko "na ƙasa". Nakan ce a kira mini haruffa: alwatika ABC, akwati a B, AB=5, BC=12, ana neman AC. Sai a faɗi 'yan gajerun layukan da aka ɗora a kan gefuna, masu nuna tsawonsu ɗaya ne. Daga nan na zana nawa, na karanta masa, ya duba ko sun zo ɗaya da na littafin.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya, ai 5 da 12 kowa ya san 13 ce.

Abban Yara: Galibi haka ne, amma ni ba zan rubuta ba sai an tabbatar mini.

Maman Biyu: An kira abokin nasa. Ya ce akwai akwatin, amma littafin yana wurin wani, bai tuna ko a wace kusurwa yake ba. Na ce idan ya karɓo ya rubuto da haruffan. Malam, wata kuma: 1/2x fa, rabin x ake nufi ko 1 a kan 2x?

Tsohon Malami: Wannan ko kalkuletoci ba su haɗu a kanta ba, Hajiya. A tambaye shi ko x ɗin yana ƙarƙashin layin, sannan ya rubuto x/2 ko 1/(2x).