Jawabin bankwanan Koci ranar Asabar: ku ba ni shawara

Kyaftin: Assalamu alaikum jama'a. Kwamiti ya ɗora mini yin jawabin bankwana ga Koci a walimar Asabar, a madadin 'yan wasa na da da na yanzu. Na rubuta shafi huɗu, na fara daga kafa kulob har zuwa bana, na jera kofunan da muka ci. Da na karanta wa ƙanena sai ya ce kamar rahoton taron shekara. Waɗanda suka saba tsayuwa gaban jama'a, ku taimaka.

Sakatare: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga maganar rubutu, ka san lokacin da kake da shi. Za a fara bayan La'asar, kuma dole a tashi kafin Magariba. Cikin wannan tsakanin akwai buɗe taro da addu'a, jawabin shugaba, wakilin Sarkin Hausawa, naka, miƙa kyauta, jawabin Koci da kansa, sannan abinci. Ga mutanen Idi-Araba da Obalende da cunkoso zai iya riƙewa kafin su iso Agege. Minti biyar na ware maka.

Kyaftin: Minti biyar ga mutumin da ya yi mana hidimar sama da shekara ashirin? Anya ba mu rage masa ba?

Malamin Makaranta: Ba ku rage masa komai ba, ƙanena. Na sha gabatar da taron sallamar malamai, kuma jawabin da mutane ke riƙewa gajere ne. Idan mutum na magana a natse gaban taro, abin da yake faɗi a minti ɗaya bai cika wuce kalma 120 ba. Ke nan minti biyar kusan kalma 600 ce, wato shafi ɗaya da ɗan kai idan an buga. Shafi huɗunka zai kai ka kusan kwata, kuma tun a minti na bakwai za ka ga an fara duba waya.

Jerin kofuna ka miƙa wa Sakatare ya buga a bayan takardar tsarin taro, kowa ya karanta da idonsa. Shugaba ma zai ambace su, wannan aikinsa ne. Kai abin da kake da shi wanda shugaba ba shi da shi, shi ne ka yi wasa a ƙarƙashin Koci. Ka zaɓi abu guda da ya yi wanda ka gani da idonka, ka ba da shi a tsanake, da wurin da abin ya faru da abin da ya faɗa. Idan ka ce "Koci mutum ne mai gaskiya da riƙon amana", kowa zai gyaɗa kai, amma wannan magana ta dace da kowane dattijo a Agege. Wane labari ne idan an ba da shi ba tare da suna ba, kowa zai ce wannan Koci ne?

Tsohon Gola: Ranar kusa da na ƙarshe mana. Da ya ajiye mai ci mana ƙwallo a benci saboda yaron ya yi sati bai je makaranta ba. Muka roƙe shi har bakin fili, ya ce rigar kulob ba ta hawa jikin wanda malaminsa ke nema. Aka cire mu ranar. Washegari da sassafe shi ya raka yaron makaranta da ƙafarsa.

Malamin Makaranta: Wannan shi ne jawabin. Ka lura ma labarin rashin nasara ne, shi ya sa yake da nauyi. Amma Kyaftin, ka kira yaron kafin Asabar. Yanzu magidanci ne, wataƙila ya zo da iyalinsa. Idan ya yarda a faɗi sunansa, ka faɗa, har ka ce ya miƙe a gan shi. Idan bai yarda ba, ka ce "wani ɗan wasanmu", waɗanda suka sani sun sani. Kada ya fara jin labarinsa a lasifika.

Ɗan Idi-Araba: Ni shawarata ka duba jawabin Alex Ferguson na 2013 a Old Trafford. Shekara 26 ya yi a Manchester United amma cikin 'yan mintoci ya gama, ya ce wa magoya baya aikinsu yanzu su mara wa sabon koci baya. Ka kwaikwayi wannan ka huta.

Malamin Makaranta: Gajartarsa abin koyi ce, amma ka tuna shi mai tafiya ne yake magana. Kiran a mara wa magaji baya daga bakin Koci ya kamata ya fito. Idan kyaftin ya faɗa a gabansa, sai a ji kamar ana gaggawar ya tashi daga kujera. Abin da za a yi, Sakatare ya tuntuɓi Koci ko yana son ya gabatar da mataimakinsa da kansa, ya miƙa masa usur a gaban jama'a.

Sakatare: Zan same shi gobe bayan atisaye.

Ɗan Idi-Araba: To a sa Stephen Keshi da Shuaibu Amodu. Keshi ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya sake ci yana koci a 2013. Amodu ya kai Najeriya gurbin kofin duniya na 2002 da na 2010, duka biyun aka sauke shi kafin a je. Su biyun sun rasu a Yunin 2016, kwanaki kaɗan tsakani. A nuna mu mun karrama namu yana raye.

Hajiya Maman Yara: A'a ɗana, wannan kam ban goyi baya ba. Mutum na zaune da ransa da lafiyarsa, matarsa na gefe, a kawo masa zancen mamata? Wurin zai koma zaman makoki. Ni abin da nake jin tsoro ke nan a irin wannan jawabi. Na taɓa zuwa sallamar wani hedimasta, mai jawabi ya yi ta cewa "ya kasance mutumin kirki, ba za mu taɓa mantawa da shi ba", har wata tsohuwa a bayana ta tambaya yaushe aka yi rasuwar. Ku ce yana nan, gidansa na nan, za mu ci gaba da zuwa neman shawara.

Sannan Kyaftin, ka ambaci maiɗakinsa. Mu iyaye mun san wadda ta riƙa dafa wa yara abinci ranar wasan waje, mun san a gidan wa ake wanke riguna. Jimla biyu ta isa. Amma ka tambayi Koci ko za a kira sunanta ko a ce uwargida kawai.

Kyaftin: Na gode Mama, wallahi ba ta cikin abin da na rubuta. Yanzu za ta shiga.

Ma'aji: Tunda ana maganar walima, mutum goma sha ɗaya ba su biya kuɗin gudummawa ba. Mai kanofi da kujeru yana son rabin kuɗinsa kafin Alhamis, ga man janareta.

Sakatare: Ma'aji, wannan a ɗaya zauren ne. Amma ka tuna mini abu: Kyaftin, ka shirya kamar babu lasifika. Idan janareta ya tsaya kada ka tsaya jira, ka matso tsakiyar mutane ka ɗaga murya. Takardarka kuma a buga ta da manyan haruffa, kada ka karanta daga waya. Allo ya mutu ko kira ya shigo, ka rasa inda kake.

Tsohon Gola: Gaisuwar manya fa? Bara a rabon kofi an tsallake wani dattijo, har yau ba ya amsa gayyatarmu.

Malamin Makaranta: Mai gabatarwa da shugaba su ne za su jera kowa da sunansa da muƙaminsa. Kai ka ambaci uku ko huɗu na sama: wakilin Sarki, Baale idan ya zo ko ya aiko, liman, shugaban kulob, sai ka ce "da sauran iyayenmu da manyan baƙi". Rabin minti. Ka karɓi jerin daga hannun Sakatare bayan baƙi sun zauna, domin wanda aka rubuta ba lallai shi ne ya zo ba.

Ga yadda zan raba maka. Gaisuwa rabin minti. Rabin minti ka ce kai wane ne, kana ɗan shekara nawa ka zo hannunsa. Minti biyu ga labarin benci, kada ka yi sauri, kuma bayan ka faɗi maganar rigar kulob ka yi shiru kaɗan mutane su ji ta. Minti ɗaya ga abin da ya bari: yaran da suka gama makaranta, waɗanda suka kama sana'a, da godiya ga uwargida. Minti na ƙarshe ka sauke takarda, ka juya ka fuskance shi, ka yi magana da shi kai tsaye, ka yi masa addu'ar lafiya da hutu mai albarka, ka zauna. Wannan mintin ka haddace shi, don a nan murya take rawa. Idan ta yi rawa ba laifi, ka numfasa ka ci gaba.

Shekarun hidimarsa kuma, na ji ana saɓani a kai. Idan babu takarda ka ce "sama da shekara ashirin", kada wani tsohon ɗan wasa ya gyara maka daga cikin taro.

Kyaftin: Saura harshe. Kusan rabin yaran yanzu Yarabawa ne da Ibo, iyayensu za su zo.

Ɗan Idi-Araba: Turanci kawai, kowa ya ji. Legas muke.

Hajiya Maman Yara: Mu kuma da ba ma jin Turanci sosai fa? Koci da Hausa ya raini manyanku.

Malamin Makaranta: Tafinta zai ninka lokacin, ya kashe labarin. Ni da zan yi, gaisuwa da Hausa tare da sannu da zuwa da Yarabanci, labarin da Turancin buroka irin wanda Koci ke yi a fili, sannan minti na ƙarshe da Hausa zalla.

Hajiya Maman Yara: Ai labarin shi ne naman, Malam. Shi za ku hana mu?

Tsohon Gola: Ni wani abu ne ke damuna. Mun san an samu saɓani tsakanin Koci da kwamiti kan alawus. A al'adarmu ba a rabuwa ba a nemi gafara ba. Kyaftin ya nema mana a jawabin.

Malamin Makaranta: Ya nemi yafiya a madadin 'yan wasa, kan rashin ji da makara da ɓacin ran da aka sa shi, jimla ɗaya a minti na ƙarshe. Zancen alawus ba nasa ba ne, kuma ba a gaban baƙi ba. Kwamiti ya je gida ya same shi kafin Asabar.

Ma'aji: Zan yi wa shugaba magana yau da dare. Abin da ke asusu ba zai biya duka ba, amma a kai wani abu.

Kyaftin: Allah ya saka da alheri. Zan kira mutumin namu yanzu in ji ko ya yarda da sunansa. Malam, in zo gida Laraba bayan Isha'i in karanta ku riƙe mini agogo? Maganar harshen labarin kuma zan gwada shi da duka biyun, Mama ku ma ku saurara a waya kafin mu yanke.

Malamin Makaranta: Ka zo Laraba, ka taho da bugaggiyar takardar.