Cankar farko ce ke ɓata lissafin zoben bututu?

Hamadu: Jama'a, a wajen aikinmu nan Garwa wani ya dage cewa a lissafin Hardy Cross na rabon ruwa a zoben bututu, in ka yi mummunar canka tun farko, amsarka ta lalace. Haka ne?

Injiniya Sali: Ba haka ba ne, Hamadu. Ɗauki zobe ɗaya: lita 30 a sakan na shiga ta A, suna fita ta C, hanya biyu. Asarar matsi a mita ita ce `h = rQ²`, Q yawan ruwan da ke bin hanyar, r juriyarta. Ta farko r ɗinta 0.02, ta biyu 0.08. Raba 15 da 15. Ta farko ta ci mita 4.5, ta biyu 18, zobe bai rufe ba da 13.5. Gyaran shi ne

```
ΔQ = -Σh / (2Σr|Q|)
```

Σh shi ne 4.5 a cire 18, wato -13.5. Ƙasan ya ba da 3, gyara 4.5 ke nan. Ka ƙara wa ta farko, ka rage wa ta biyu: 19.5 da 10.5. Zagaye na biyu gyaran bai kai rabin lita ba, ka isa kusan 20 da 10, kowace ta ci mita 8.

Bakari: Oga, ai 15 da 15 canka ce mai kyau. Zuba 30 duka a hanya ɗaya mu gani.

Injiniya Sali: Zuba a ta farko: mita 18 a raba da 1.2, gyara 15. Ka dawo 15 da 15. Zagaye ɗaya kawai ka ƙara wa kanka.

Hajiya Fadimatu: Amma mutumin Hamadu bai faɗi ƙasa warwas ba. Na taɓa rubuta 15 da 10 bisa kuskure. Zobe ya rufe tsaf a 16.7 da 8.3, ina ta murna, ashe lita 5 sun ɓace. Abin da gyaran ya ƙara nan shi yake cirewa can, don haka ba ya taɓa dawo da ruwan da ka manta a mahaɗa. Tun ranar, sai na tara mai shiga da mai fita a kowace mahaɗa kafin in taɓa komai.

Alhaji Usmanu: To mu a unguwarmu famfo ba ya kawowa sai tsakar dare. Cankar ce?

Bakari: Baba Alhaji, wannan maganar matsin tanki ce da yawan masu ɗiba.

Hamadu: Hajiya, in zobe biyu ne fa, da bututu ɗaya a tsakaninsu?

Hajiya Fadimatu: Yana karɓar gyaran zobensa, a cire na maƙwabcin. Nan alamar tarawa da ɗebewa ke ruɗa mutane. Ni nakan gyara zobe ɗaya, in shiga na biyu da sabbin lambobin, ya fi saurin rufewa.

Injiniya Sali: Ni kam duka nake lissafawa sannan in zuba lokaci guda, ko da zagaye zai ƙaru. In kuskure ya shiga, na fi gane layin da ya fito.

Bakari: A turo zobe biyu gobe, kowa ya yi nasa a takarda mu ƙirga zagaye.