Lissafin DuPont: ribar masu hannun jari ta ƙaru, amma bashi ne ya ɗaga ta?

Assalamu alaikum. Masana akanta, ina neman taimakonku kan wani aikin kwas da ya tsaya mini. An ba mu alƙaluman wani kamfani na shekara biyu, aka ce mu rarraba ribar da jarin masu kamfani ya samar ta hanyar DuPont:

```
ROE = (riba/ciniki) x (ciniki/kadara) x (kadara/jari)
```

A 2022 ciniki naira miliyan 500 ne, riba bayan haraji miliyan 40, kadara miliyan 400, jari miliyan 200. Wato 8% sau 1.25 sau 2, ya ba da 20%. A 2023 ciniki ya kai 600, riba ta sauka zuwa 36, kadara 600, jari kuma ya koma 150 saboda rabon riba mai yawa da aka yi. Ya zama 6% sau 1 sau 4, wato 24%.

A ganina wannan ƙarin ba abin murna ba ne, tunda kashi biyu na farko duk sun faɗi, bashi kaɗai ya ɗaga sakamakon.

Ga inda na maƙale. Da na yi amfani da matsakaicin farkon shekara da ƙarshenta, kadara 500 da jari 175, sai 2023 ta ba ni kusan 20.6%. Wanne ya kamata in kwatanta da 2022, alhali ba a ba mu alƙaluman 2021 ba?

Sannan kuɗin ruwan bashin da kansa yana cin riba. Ta yaya zan gane ko shi ya jawo faɗuwa daga 8% zuwa 6%, ko tsadar kaya ce? Na gode.