Me zan faɗa wa masu tafiya Indiya ranar Asabar?

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. An ɗora mini yi wa ƙannenmu masu tafiya karatu Indiya jawabi ranar Asabar bayan La'asar, minti ashirin kawai aka ba ni. Ni shekarata ta farko duk a hostal na yi ta, makaranta ta riƙe mini komai. Waɗanda suka zauna a gari ku taimaka, da me zan fara?

Ɗan Fagge: Ka ce su tafi da yaji da kuka da daddawa. Sauran duk mai sauƙi ne.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka bar zancen abinci ya zo ƙarshe, ka fara da kwana 14 na farko. Duk wanda bizarsa ta karatu ta haura kwana 180 dole ya yi rajista da FRRO, ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasar waje na Indiya, cikin kwana 14 da saukarsa, kuma daga hatimin da aka buga masa a filin jirgi ake lissafi, ba daga ranar da ya shiga aji ba. Ni a nan na sha wuya.

Da na sauka ban shiga hostal ba, don na ga kuɗinsa ya yi yawa. Mu uku muka kama gida a gari, muka biya kuɗin ajiya, muka sa hannu a takardar haya ta wata 11 kamar yadda suke yi a can. Na buɗe shafin `indianfrro.gov.in` na ɗora fasfo da biza da shafin hatimin shiga da hoto, sai na iso wurin shaidar masauki. Ashe mai gida ne zai cike Form C da kansa, ya shaida wa hukuma cewa baƙo ɗan ƙasar waje yana gidansa. Mutumin nan bai taɓa ba baƙo haya ba, da ya ji an ambaci hukuma sai ya fara zame mini. Yau ya ce ɗansa ne ya iya kwamfuta, gobe ya ce ɗan ya yi tafiya. Ina tsaye a ƙofarsa da fasfo a hannu, yana kaɗa mini kai irin nasu, na rasa e yake nufi ko a'a. Kafin ya cike, kwana 14 sun shige. Na biya tara, kuma takardar izinin zama ba ta shigo imel ɗina ba sai da na yi ta amsa tambayoyi.

Saboda haka ka faɗa musu: kafin su ba mai gida ko rupi ɗaya, su tambaye shi ko ya taɓa cike Form C. In ya tsaya kame-kame, su nemi wani gidan.

Hajiya Maman Biyu: Innalillahi. Ni tawa hostal za ta zauna, ita ma sai ta bi mai gida?

Ɗan Fagge: A'a Hajiya, in dai hostal ne makaranta ke yin komai, ita ba ruwanta.

Yaya Babba: Rabi ka faɗa. Hajiya, hostal za su cike mata Form C, ofishin ɗaliban waje kuma ya shigar da ita ya ba ta Bonafide Certificate, takardar shaidar cewa ɗalibar makarantar ce. Amma buɗe shafin da ɗora takardu da sunanta ake yi, da imel ɗinta da lambar wayarta. Wasu makarantun suna zaunar da yara su yi tare, wasu kuma takarda kawai za su miƙa mata. Ta tambaya tun ranar farko, kada ta ɗauka an yi. Alamar an gama ita ce takardar izinin zama ta iso, ta buga ta a takarda ta ajiye kusa da fasfo.

Malamin Kurna: Ni da ɗan'uwana ya je Alƙahira ba mu ji wannan ba, iƙama kawai ya nema.

Ɗan Fagge: Malam, Indiya ake magana.

Malamin Kurna: To ai duk ƙasar waje ce.

Anti Nas: Ku koma baya kaɗan, tun kafin a bar Kano akwai aiki. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10. Wanda ya je ya yi ana jibi tafiya, katin yana hannunsa amma bai fara aiki ba, ana iya killace shi a can har kwana 6. Kuma a duba sunan da ke kati ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Muhammad da Mohammed a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin jami'i mutum biyu ne.

Ɗan Gwammaja: Anti wannan na rubuta. Layin waya fa? Ni wani babban yaya ne ya ba ni nasa.

Yaya Babba: Kada ka koya musu haka. Layin aro ranar da mai shi ya gama ya tafi, ko aka rufe shi, duk lambobin sirri da banki da FRRO ke turowa sun bi shi. Su yi nasu da fasfo da biza da hoto. Su kuma sani layin baƙo yana tafiya da wa'adin bizarsa, in an sabunta biza sai a kai wa kamfanin layin shaida, in ba haka ba wata safiya a tashi ba sabis.

Ɗan Fagge: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Wata uku na yi ina cin dal da capati, na rame har Umma ta yi kuka a bidiyo. Naman saniya kuma kada ma su tambaya a kasuwa, jihohi da yawa an hana. Na ɓauna ake samu a unguwannin Musulmi.

Ɗan Kwari: Kai da ko a Kano ba ka da jiki, kada ka ɗora wa dal laifi.

Ɗan Fagge: Wanda iyakarsa Zariya ba ya sa baki a nan.

Hajiya Maman Biyu: Ku bari mana. Kilishi fa, in sa mata?

Ɗan Fagge: Ni nawa ya wuce.

Anti Nas: Na ƙanwata an karɓe. Nama ne Hajiya, in aka buɗe jaka ba ki da ta cewa. Kuka da busasshiyar kuɓewa sun fi kwanciyar hankali. Ki kuma sa mata rigar sanyi mai kauri in wajen Delhi za ta, sanyin Disamba da Janairu na can ya fi hunturunmu cizo.

Yaya Babba: Na manta ɗaya, kuma shi ke kama mutane a wata na biyar ko na shida. Yaro ya gaji da hostal ya koma gari, ko ya sauya gida, bai sanar ba. Sabon mai gida zai cike sabon Form C, shi kuma ya shiga shafin ya sauya adireshi. In bai yi ba, ranar sabunta biza takardunsa za su saɓa wa juna. Sabuntawar ma sai da sabon Bonafide, makaranta kuwa tana duba zuwa aji kafin ta bayar, yawanci kashi 75 cikin 100 suke nema. Mai kwana yana hira da gida ya kula: Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi, ƙarfe 10 na dare a Kano 2:30 ne a can, ga aji da safe.

Malamin Kurna: To wai tsakanin hostal da gida wanne ya fi araha?

Ɗan Fagge: Gida, in kun kai uku kuna girki.

Yaya Babba: In ka haɗa kuɗin ajiya da wuta da abin hawa, ban yarda ba. Shekarar farko dai hostal.

Ɗan Fagge: Hostal ɗin da ake rufe ƙofa tun dare bai yi ba, ga dal safe da yamma?

Hajiya Maman Biyu: Ana rufe ƙofa? Alhamdulillahi, haka nake so.

Ɗan Gwammaja: Minti ashirin fa aka ba ni jama'a. Yaya, ko za ka zo ka yi musu bayanin Form C da bakinka?

Yaya Babba: Ina da ɗaurin aure a Bichi, in na dawo da wuri zan leƙo. Turo mini wurin.